Dilar gwanjo ta farko ta cinye min rabin jari, ga yadda nake duba kaya yanzu kafin na biya

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a nan Kano, yarana huɗu, sana'ata sayar da gwanjon yara a cikin gida. Na fara ne a 2018 kuma har yau ita nake yi, ita ta sai min injin wanki, ita take biya wa manyan yaran kuɗin Islamiyya da na boko wani lokacin idan Abbansu ya ɗan shiga matsi. Dalilin da yasa na zauna rubuta wannan shi ne mata da yawa suna min magana wai suna son su fara, sun ɗau adashe, su dai kawai na faɗa musu nawa ake sayar da dila, wato babban ɗaurin gwanjon nan da ake matsewa a leda ko buhu. Wallahi duk wadda ta min wannan tambayar sai gabana ya faɗi don ni ma da ita na fara, kuma farashin dila shi ne abu mafi ƙaranci a cikin abin da ya kamata ki sani.

Lokacin da na kwashi adashena naira 100,000 ne cif. Wata maƙociyarmu tana sayar da gwanjo ina ganin yadda mata suke cika mata tsakar gida duk ranar da ta fasa, sai nace nima abin da zan yi kenan. Ban tambaye ta komai ba, ina jin nauyi kar ta ga kamar zan ƙwace mata kwastomomi. Sai wani yaro ɗan kamasho da aka haɗa ni da shi ya kai ni wani sito, aka nuna min diloli a jibge har rufi, mai kayan yace wannan ta yara ce mix, 'yar Landan, kilo 55, lamba ɗaya, ba a taɓa kuka da ita ba. Ledar mai haske ce ana hango ciki, ta gefen da aka juyo min na ga wata 'yar gawun ruwan hoda mai kyau da wandon jins na yaro kamar sabo, ni dai daga nan zuciyata ta gama saye. Ya ce 100,000, na taya 90,000, muka tsaya a 95,000. Ban ce a auna ba, ban zagaya na ga bayanta ba, ko taɓa ta ban yi sosai ba. Sauran dubu biyar ɗin na ba ɗan kamasho da ɗan dako da mai a-daidaita.

Da daddare muka yanka ta ni da Abban yara. Abu na farko da ya bani mamaki, tana buɗewa ba ta kumbura ba. Na taɓa ganin ta maƙociyata, ana yanke ɗaurin kayan suke tasowa kamar ƙullin fanke, tawa kuwa sai ta ɗan baje kawai ta zauna. Kayan da suke jikin leda, su ne masu kyau, kamar guda ashirin. Ina shiga ciki sai riguna masu wuya ya saki, wanduna roba ta mutu, ga wasu da baƙin ɗigo-ɗigo na funfuna, ga safa wari-wari, ga ƙananan kayan jarirai da tabon nono ya kama ƙirjin. Na ƙirga gaba ɗaya guda 240. Abban yara yana tsugunne yana tayani warewa bai ce komai ba sai can yace, Maman yara kiyi haƙuri, mu wanke mu gani. Na kwana ina kuka a hankali don kar yara su ji.

Ga lissafin da ta fitar bayan wata uku. Masu kyau 20 na sayar 800 kowanne, 16,000 kenan. Masu dama-dama 70 a 350, ya kama 24,500. Guda 100 na kasa su a ƙofar gida ɗari-ɗari, 10,000. Sauran 50 tsumma ne, na ba wa mai gyaran babur na layinmu wasu, wasu na yi abin goge ƙasa. Duka 50,500 a kayan da na kashe wa 100,000, kuma kuɗin ma bai dawo a dunƙule ba, yau ɗari uku gobe ɗari biyar, wasu har sun shige cefane. Na koma wajen mai kayan yace Hajiya ai dila sa'a ce, ni ma ban san abin da ke ciki ba. A lokacin na yarda da shi.

Wanda ya fitar da ni daga duhu wani dattijo ne abokin marigayi mahaifina, ya fi shekara talatin yana harkar gwanjo a Ƙofar Wambai. Mahaifiyata ce ta ce na je na same shi. Na tafi masa da ledar dilar da guntayen ɗaurin don Allah Ya sa ban yar ba, ina shimfiɗa ledar ne a ƙasan katifar yara. Ya juya ta ya juya, ya nuna min wasu layuka da suka kwanta a jiki, yace 'yar nan ƙirga min waɗannan. Na ƙirga sawun ɗauri shida. Yace ɗaurin da kika yanka nawa ne? Nace huɗu Baba. Yace to an riga ki shiga, an fasa an tsince na kirki an zuba kwantai an sake matsewa, wannan ba rashin sa'a ba ne.

Sai ya kafa min sharaɗi, yace kar na sake sayen dila sai na yi wata shida ina zuwa zaɓe. Zaɓe shi ne ka je da sassafe ranar da masu shago suke fasa dila, ana yankawa ku rufu a kai kowa ya tsinci wanda ya masa, sai a yi muku kuɗi ɗai-ɗai. Ya fi tsada a kan kowace riga amma idonki ne ya gani hannunki ya taɓa. Da 30,000 da ta rage min na fara. Ina ajiye yara a makaranta na wuce kasuwa, na tsaya a gefen Baba. Gaskiya ribar zaɓe ba yawa, rigar da na ɗauka 600 na sayar 900, amma ba don riba ya tura ni ba. A wata shidan nan na ga an fasa diloli ba adadi a gabana, na gane wane tambari ne yake fitar da kaya, wane ne rabinsa kayan sanyi ne, wane ne yake cika kayan jarirai. Kuma hannuna ya koyi yadi, yanzu ko idona a rufe na taɓa riga na san auduga ce ko roba ce da za ta dafa yaro a zafin Afrilu.

Bari na faɗi abin da nake yi yanzu idan na tsaya a gaban dila, a yadda Baba ya koya min da abin da na ƙara da kaina.

Kafin komai sikeli. Dilolin da muka fi saye akwai mai kilo 45, akwai mai 55, akwai kuma manya masu 100, kuma a rubuce yake a jikin takardar da aka manna ko a jikin buhun. Idan an rubuta 55 ina so na ga allura ta tsaya a wajen 55, ko ta gaza da kilo ɗaya ba komai. Amma kilo biyar ko takwas, to wani ya ci su, kuma wanda ya cire ba zai cire tsumma ba, na kirkin zai ɗauka. A kayan yara kilo ɗaya riga shida ne ko bakwai, kin ga kilo takwas ya kai riga hamsin, kuma hamsin ɗin nan su ne asalin ribarki. Wani abin da mutane ba sa lura, dilar da ta wuce nauyinta ma abin tsoro ce. In an rubuta 55 ta auna 60 kar ki yi murna, yawanci ruwa ta sha, ko a kwantena ko a siton da yake yoyo da damina, kuma kayan da suka jiƙe a matse suna yin funfuna tun daga tsakiya. Funfunar nan mai baƙin ɗigo a kan farin yadi ba omo ba, ko haifo ba ya fitar da ita gaba ɗaya. Duk mai kayan da yace min sikelinsa ya lalace, sai nace to bari a ɗauko na maƙoci ni zan biya ɗan dakon. In ya fara ɓata rai na riga na sami amsata, sai na yi masa sallama cikin mutunci.

Bayan awo sai na sa a kwantar da ita a juya min duk fuskokinta, ba wadda aka jingina tana kallona kaɗai ba. Dilar kamfani injin mai ƙarfi ne ya matse ta, shi ya sa take da kusurwa kamar bulo, in kika danna da gwiwa ko kika doka da hannu kamar kin doki katako. Wadda aka sake ɗaurewa a nan ba ta kai wannan taurin ba, kusurwarta a zagaye take, wani gefen ya fi wani tudu, yatsa yana ɗan nutsewa. Sai ɗaurin, ko na ƙarfe ne ko na roba, ina duba ko iri ɗaya ne duka, ko tazarar da ke tsakaninsu daidai take, sannan ko kowanne yana zaune a cikin sawunsa. Ɗaurin da ya yi watanni a jikin dila tun daga can yana nutsewa ya bar layi, in na ga layi babu ɗauri a kai, ko ɗauri a inda babu layi, na san labarin da Baba ya nuna min ne. Haka ɗinkin bakin buhu, in wani gefen zarensa daban ne ko ɗinkin hannu ne da basilla, ina tambaya. Wani lokacin da gaske buhun ne ya yage a hanya aka ɗinke, to amma nan ma sai an min ragi ko na ɗauki wata.

Sai hanci. Gwanjo yana da warinsa da kowa ya sani, wannan ba shi nake nema ba. Ina kai hancina daidai wata 'yar ƙofa a kusurwa na shaƙa sosai. In na ji warin rima, irin na ɗakin da aka rufe da damina, ba na saye ko an rage min rabi. In kuma na ji ƙamshin omo ko turare, shi ma alama ce, kayan da suka kwana a shagon wani ne aka wanke aka mayar. Idan mai kayan ya yarda, nakan ce a ɗan tsaga min taga da reza a gefe, kamar faɗin tafin hannu, na zura yatsu na jawo abin da ke can ciki ba na bakin ba. Ba kowa ke yarda ba don in an tsaga ban saya ba ta rage daraja, kuma ina ganin suna da hujja, shi ya sa ba na neman taga sai na gama yanke shawarar zan saya in cikin ya yi.

Fuskar leda kuwa na daina kallonta. Ko dilar da ba a taɓa ba, masu shiryawa sun san mai saye da ido yake saye, mai kyau suke sawa a waje.

Amma duk wannan duban zai gaya miki ne ko an taɓa dilar, ba zai gaya miki abin da kamfanin ya zuba ba. Kuma nan ne na ga mutane da yawa suna faɗawa, dilar lafiyayya, ba wanda ya cuce su, amma kayan ba na kasuwarsu ba ne. Harafin A ko AA da ake rubutawa ba wata hukuma ce take sawa ba, kowane kamfani da ma'auninsa, A ɗin wani B ɗin wani ne. Maganin wannan guda ɗaya na sani, ki ga an fasa 'yar'uwarta. Tambari ɗaya, rubutu ɗaya, kuma shigowa ɗaya, don tambarin da ya yi kyau bara yana iya lalacewa bana. Ina tambayar mai sito waye ya ɗauki irin wannan a satin nan, sai na je shagon mutumin da safe na tsaya cikin 'yan zaɓe na gani da idona. In na ga an fasa biyu duk sun fitar, sai na koma na ɗauki ta uku. Wannan yana cin min kwana biyu ko uku da kuɗin mota, amma tun da na fara haka ban sake faɗuwa irin ta farko ba.

Abin da nake ƙirgawa a lokacin da ake fasa ta wani ba kyau kaɗai ba ne. Ina kallon shekarun yaran da kayan za su yi wa. Dilar yara mix in ta cika kayan jarirai na wata uku zuwa shekara ɗaya adadin zai yi yawa ki yi ta murna, amma ba sa tafiya, don mai jego ta sami kayan suna sababbi, kuma su ne suka fi tabo. Abin da iyaye suke nema a wajena na ɗan shekara huɗu zuwa goma sha biyu ne, musamman wandunan maza, don yaro namiji gwiwar wando ba ta masa wata uku. Sannan ina kallon ko za a iya sa kayan a unguwarmu. Na mata akwai 'yan guntayen siket da riguna marasa hannu, na 'yar shekara uku ba matsala, amma na 'yar shekara goma ba uwar da za ta saya a nan komai kyansa. Akwai masu rubutu ko hoton da bai dace ba, akwai kayan ninkaya, duk waɗannan nauyi ne da kika biya kuɗinsa kuma ba za su fita ba. Sai kayan sanyi. Suwaita ɗaya mai kauri ta kai nauyin riga uku, in dila ta cika su a watan Maris kin ɗaure kuɗinki har Nuwamba. In kuwa a Oktoba ne, su ne za su fara ƙarewa.

Dila ta biyu da na saya a farkon 2019 ita ce zan ba da lissafinta, don har yanzu littafin yana nan. Baba ne ya raka ni. Aka auna ta kilo 54 da ɗan wani abu, ɗauri shida kowanne a sawunsa, na riga na ga an fasa irinta guda biyu. Kuɗinta 110,000, na haɗa abin da na tara a zaɓe da rancen da yayata ta bani. Dako da mota 3,000, omo da gawayin guga da yarinyar da ta taya ni wanki 5,000. Gaba ɗaya 118,000. Da muka yanka sai da ta taso ta cika min tabarma biyu, na ƙirga 360.

Anan akwai wani lissafi da yake yaudarar sababbi. Za ki raba 118,000 gida 360 ki ga kowace riga ta kama kusan 330, sai ki ce to in na sayar 500 kowacce na ci riba. Ba haka ake yi ba. In kika sa kuɗi ɗaya, ranar farko za a tsince miki masu kyau a 500, kayan da sun kai 900, a bar ki da tarin da ko 200 ba mai ba ki. Dole a ware. Na ware lamba ɗaya guda 95, waɗanda ba tabo ba huji, launi bai koɗe ba, wasu ma da takardar shagonsu a jiki. Lamba biyu 140, lafiyayyu amma an ga jiki. Lamba uku 90, masu ɗan tabo ko ɗinkin da ya ɓalle. Tsumma 35.

Lamba ɗaya na sayar a kan 900 in an daidaita, wani 1,200 wani 700, ya ba da 85,500. Lamba biyu a 400, 56,000. Lamba uku a 150, 13,500. Tsumman wani mai wankin mota ya kwashe a 1,000. Jimla 156,000, riba 38,000. To amma ki duba inda kuɗin yake, riga 95 kacal su suka dawo da kusan kashi uku cikin huɗu na uwar kuɗin, kuma cikin kwana goma suka ƙare. Lamba biyu sai da suka yi wata ɗaya da rabi, lamba uku kuwa da kyar, har na kawo wata dilar akwai ragowarsu. Daga nan na samo ma'aunin da nake amfani da shi har yau: in ina kallon ana fasa dila, ina ƙiyasta lamba ɗaya kaɗai, in na ga ba za su dawo min da kashi biyu cikin uku na kuɗin dilar ba, ba na saye, komai yawan sauran. Da ace kilo takwas ɗin nan aka zare daga wannan dilar, lamba ɗaya ta koma 45, ki lissafa da kanki ki ga, riba ta tafi har an taɓa uwa.

Wajen warewa ma akwai duba na biyu, riga ɗai-ɗai, kuma da rana nake yi a tsakar gida ba da fitila ba. Ina ɗaga kowacce saitin rana, ƙaramin huji nan take haske yake ɓullowa ta ciki. Wuya da hammata da bakin hannu, can datti yake maƙalewa. Wando kuma gwiwa da hantsa da zif, na zuge na buɗe sau biyu, na ja robar ƙugu na saki, in na ji tana ƙara ƙas-ƙas kamar busasshen ganye ta mutu. Wannan ba asara ba ce, telan layinmu yana sa min sabuwar roba da kuɗi kaɗan wandon ya tashi daga lamba uku ya koma biyu, haka botiri da ɗinkin da ya ɓalle. Tabo kuma iri-iri ne. Na maiƙo da na abinci yawanci suna fita in an jiƙa da ruwan ɗumi, na tsatsa ina sa lemon tsami da gishiri na shanya a rana yana raguwa. Amma inda haifo ya ɗiga ya cinye launi ba tabo ba ne, launin ne ya tafi, ba ya dawowa. Wanki da guga kuwa ba na wasa da su, rigar da aka goge aka ninke mace tana biyan kuɗinta ba tare da dogon ciniki ba, wadda ta fito a cukurkuɗe da warin dila sai ta taya rabi. Kuma duk mai aibi ina nuna wa mai saye da yatsana kafin ta biya, nace Maman wane kin ga nan fa, shi ya sa na rage. Na fi son ta bari da ta je gida ta gani ta ji na ɓoye mata, don abin da aka min kenan kuma na san yadda yake a zuciya.

Kuskuren da na sake yi bayan wannan shi ne barin ƙawaye su yi zaɓe tun kayan suna ƙasa ban ware ba, kuma bashi. Su kwashe kan kayan su ce sai ƙarshen wata, ni kuma a bar ni da lamba uku da littafin bashi. Sai da na yi diloli biyu a haka na ga ina juya kuɗi amma ba na iya sayen ta gaba sai na yi ciko. Yanzu lamba ɗaya ba bashi ko ga 'yar'uwata, na ɗauki hoto na sa a WhatsApp da kuɗin kowacce, wadda ta turo na ga alat ita ce da kaya. Lamba uku kuma na daina riƙe su ina jiran farashi, in sun yi wata ɗaya akwai wata baiwar Allah da take zuwa daga ƙauye tana kaiwa kasuwar mako, sai na haɗa mata su kwasa ɗaya ko da a ƙasa da yadda na so, kuɗin ya dawo cikin jari.

Farashin da na faɗa duk na wancan lokacin ne, kar wata ta riƙe shi ta tafi kasuwa. Kayan nan daga waje suke zuwa, kuma a dokar Najeriya gwanjo yana cikin abin da aka hana shigowa da shi, shi ya sa da yawansa ta Kwatano yake biyowa, wasu manyan 'yan kasuwa kuma daga Aba da Legas suke saro shi. Da aka rufe boda a Agustan 2019 kaya suka yi wuya kuɗi ya tashi, ba a buɗe ba sai Disambar 2020, kuma a tsakanin nan ne na fi ganin dilolin da aka sake ɗaurewa, don in kaya suka yi ƙaranci kowa rububi yake ba mai tsayawa awo. Sannan daga 2023 da naira ta faɗi aka cire tallafin mai, dilar da nake saye ta ninka ta sake ninkawa, su kuma iyayen yara kuɗin hannunsu bai ninka ba. Yanzu sau da yawa mu biyu muke haɗa kuɗi da maƙociyar nan tawa da na ji nauyin tambaya a farko, mu fasa tare, mu ware tare, sannan mu raba kowace lamba gida biyu ana ɗauka ɗaya-ɗaya, ita ta ɗauka na ɗauka, don kar wata ta ji an danne ta.

Baba ya rasu shekara biyu da suka wuce, Allah Ya jiƙansa Ya sa Aljanna makoma. Yaronsa ne a shagon yanzu. Satin da ya wuce na je da wata ƙanwar Abban yara da ta ɗau adashenta tana son farawa, muka shiga wani sito aka nuna mana wata ta yara mai kyan fuska, tana ta taɓa ni tana cewa Anti mu ɗauka kawai. Nace a ɗora a sikeli, aka ɗora, 49 a maimakon 55. Mai kayan yace zai rage mana dubu goma. Na ja hannunta muka fito, na kai ta shagon yaron Baba nace ya sa ta cikin 'yan zaɓe daga ranar Asabar, kuɗin adashen kuma yana wajena a ajiye sai bayan Babbar Sallah.